Taken Gidauniyar Ruwa Bashi Ne: A Yi Lissafi Kafin A Buga Kwali

A ranar 22 ga Maris, 2007, wato Ranar Ruwa ta Duniya, gidajen abinci kusan 300 a birnin New York suka roƙi masu cin abinci wata 'yar alfarma. Ruwan famfon da aka saba ajiye musu kyauta a kan tebur, ranar aka ce su biya dala ɗaya a kansa, kuɗin kuma ya tafi asusun UNICEF. Bayanin da aka yi musu bai wuce layi ɗaya ba: dala ɗaya tana iya samar wa yaro ɗaya ruwa mai tsabta na kwana 40. Mutum yana zaune da kofin ruwa a gabansa, an faɗa masa abin da zai bayar, an faɗa masa wanda zai amfana, an kuma faɗa masa tsawon lokacin da kuɗinsa zai yi aiki.

A cikin shekarun nan ne kuma kamfanin ruwan gora na Volvic ya haɗa gwiwa da UNICEF, ya riƙa buga "1L = 10L" a jikin gorunansa. Alkawarin shi ne duk litar da aka saya za ta samar da lita goma a Afirka. Kuɗin da aka tara a Jamus ya tafi Habasha, na Japan ya tafi Mali, na Faransa kuma ya zo Jamhuriyar Nijar.

Waɗannan take biyu ba su da karin waƙa ko azancin magana, amma sun sa mutane sun sa hannu a aljihu. Dalili kuwa shi ne kowannensu ciniki ne a fili: ka ba da kaza, a yi kaza. A nan ƙarfin taken neman gudummawa yake, a nan kuma haɗarinsa yake. Da zarar ƙungiya ta ce kuɗi kaza zai samar da ruwa kaza, to ta ci bashi, kuma akwai ranar da masu bashin za su zo tambaya. Saboda haka duk ƙungiyar matasa, ko ta 'yan asalin gari mazauna birni, ko kwamitin masallaci ko na coci da ke shirin ƙaddamar da gidauniyar haƙa rijiya, ya kamata ta ɗauki rubuta take a matsayin aikin ƙarshe. Sai an gama lissafin ruwa da na kuɗi tukuna a zauna neman kalmomi.

Taken da ya fi famfonsa gudu

Babban misalin abin da kan faru idan kalmomi suka riga lissafi shi ne labarin PlayPump. Wani famfo ne da aka fara yaɗawa daga Afirka ta Kudu, wanda aka haɗa shi da lilo mai kewayawa irin na filin wasan yara. Yara suna juya lilon, shi kuma yana tura ruwa daga ƙasa zuwa wani tanki mai cin lita 2,500 da ke sama. A jikin tankin an maƙala allunan talla, da nufin kuɗin tallan ya riƙa biyan gyara. Saƙon da aka tallata shi da shi mai daɗin ji ne ƙwarai: yara na wasa, ruwa na fitowa.

Duniya ta karɓe shi hannu bibbiyu. A watan Satumbar 2006, uwargidan shugaban Amurka ta lokacin, Laura Bush, tare da tsohon shugaban ƙasa Bill Clinton, suka sanar da tallafin dala miliyan 16.4. Burin da aka sa a gaba shi ne kafa famfo 4,000 domin mutum miliyan 10 kafin shekarar 2010. A 2007 aka ƙara da wani gangamin mai taken famfo 100 cikin kwana 100. Kowane famfo kuma yana cin kusan dala 14,000, ninkin-ba-ninkin kuɗin famfon tuƙa-tuƙa da aka saba da shi.

A 2009 jaridar Guardian ta Birtaniya ta buga wani lissafi da ɗan firamare ma zai iya yi. Idan aka raba mutum miliyan 10 ga famfo 4,000, kowane famfo zai ɗauki mutum 2,500. Ƙa'idar Sphere, wadda ƙungiyoyin agaji ke aiki da ita, ta ce mafi ƙarancin ruwan da mutum ke bukata a rana lita 15 ne. Wato ana bukatar lita 37,500 daga kowane famfo kullum. Iyakar abin da famfon zai iya turawa a awa ɗaya, bisa faɗar masu shi, lita 1,400 ne. Da aka raba, sai ya nuna dole yara su yi ta juya lilon na awa 27 a kowace rana, ga shi kuwa yini da dare gaba ɗaya awa 24 ne.

Abin da aka tarar a ƙauyuka ya tabbatar da lissafin. Yara sukan gaji su tafi, ko su kasance suna aji a daidai lokacin da ake bukatar ruwa, sai mata, har da tsofaffi, su kama lilon suna turawa da hannu. A karkara babu masu sayen gurbin talla, don haka kuɗin gyara bai shigo yadda aka zata ba, famfuna da dama suka lalace aka bar su. A Mozambique ma har akwai wuraren da aka cire famfon hannu aka kafa wannan a gurbinsa. Ƙungiyar da ta jagoranci tara kuɗin a Amurka ta miƙa ragowar kayanta ga wata ƙungiyar, ta rufe a 2010.

Ba sai an yi mugun nufi ake cutar da mutane ba. Take ne ya yi daɗi har ya hana masu bayarwa da masu karɓa ɗaukar alƙalami su yi rabawa ɗaya, kuma matan ƙauye ne suka biya kuɗin wannan sakaci da ƙarfin ƙirjinsu.

Lissafin da ke gaban kalmomi

Mu ɗauki misali na kusa. A ce wata ƙungiyar 'yan asalin ƙauye mazauna birni tana so ta samar wa mahaifarta ruwa. Ƙauyen yana da mutum 600, kuma daga watan Fabrairu rijiyoyinsa suke ƙafewa, sai a koma tafki da tonon yashi a busasshen rafi. Farashin da zan kawo na misali ne kawai, domin kuɗin haƙa yana bambanta daga wuri zuwa wuri, yana kuma sauyawa da kasuwa. Hanyar lissafin ita ce abin riƙewa.

Tambayar farko ita ce famfo nawa ake bukata. Mutum 600, kowa lita 15, ya kama lita 9,000 a rana. Famfon tuƙa-tuƙa mai lafiya yana ba da kusan lita 17 a minti ɗaya, wato lita dubu da 'yan kai a awa. Idan aka yi awa takwas ana tuƙawa babu tsayawa, za a samu lita 8,000 da ɗoriya kaɗan. Wannan ne ya sa ƙa'idar Sphere ta tsayar da mutum 500 a matsayin iyakar abin da famfo ɗaya zai ɗauka. A zahiri ma abin bai kai haka ba, domin ana ɓata lokaci wajen sauya jarka da ɗauraye bokiti, kuma kowa da sassafe da yamma yake son ɗiba. Ke nan famfo ɗaya ba zai ishi wannan ƙauye ba. Za a yi ta dogon layi da faɗa, waɗanda suka ƙosa su koma tafki, famfon kuma ya mutu da wuri saboda wahala. Biyu ake bukata.

Sai kuɗi. A ce mai haƙa ya yi farashin naira miliyan 2.5 a kan kowace rijiyar burtsatse, har da famfo da daɓen siminti da magudana. Biyu sun kama miliyan 5. Yawancin ƙungiyoyi a nan suke tsayawa su buga kwali, kuma a nan matsala take farawa, domin akwai sauran abubuwa huɗu.

Na farko shi ne binciken ƙasa kafin haƙa da gwajin ruwa bayan haƙa, a ce naira 400,000. Na biyu ajiyar ko-ta-kwana, a ce 800,000. A yankunan da dutse ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, irin su sassa da yawa na Kano da Katsina da Kaduna da Zamfara, ruwa yana zaune ne a cikin tsage-tsagen dutse da ruɓaɓɓen samansa, kuma ko an yi bincike ana iya haƙawa a fito hannu biyu, ko a zarce zurfin da aka yi ciniki a kai. Na uku asusun gyara, da horar da makaniki ɗan ƙauyen, da sayen kayan sauyi na farko, a ce 700,000. Robobin da ke cikin silinda suna cinyewa, ana so a sauya su kusan kowace shekara, sanduna da bututu su ma suna da wa'adinsu. Binciken da aka yi ta yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya nuna cewa a kowane lokaci, kusan famfo ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya aiki, kuma sau da yawa abin da ya kashe shi bai taka kara ya karya ba, an dai rasa mai gyara da kuɗin gyaran ne. Na huɗu kuɗin gangamin kansa, wato kwalaye da sanarwar rediyo da sufuri da cajin banki, a ce 300,000.

Jimilla ta zama naira miliyan 7.2. Idan aka raba wa mutum 600, kowane mutum ɗaya ya tashi a kan naira 12,000. Idan aka sake raba wannan ga watannin shekara, ya zama naira dubu ɗaya a wata. Yanzu ne ƙungiyar ta samu abin da za ta faɗa wa jama'a, domin ta samu adadin da ɗan kasuwa da malamin makaranta da mai ɗinki za su iya ɗauka ba tare da sun takura ba, kuma ta san abin da adadin zai saya.

A lura da wani abu. Da an raba miliyan 5 kawai, da an samu naira 8,300 da 'yan kai ga kowane mutum, adadin da ya fi sauƙin tallatawa. Amma ranar da aka gamu da busasshen rami, ko famfo ya tsaya bayan shekara ɗaya, sai a koma wa mutanen da aka riga aka ce musu sun gama nasu. Karo na biyu kuwa hannu ba ya saurin buɗewa.

Tankaɗe da rairaya

A zaman kwamiti, abin da aka fi fara kawowa shi ne "Ruwa shi ne rayuwa." Gaskiya ce da babu mai musunta, kuma wannan ne rauninta. Wanda ya ji zai gyaɗa kai ya wuce, domin ba a nemi komai daga gare shi ba. Ma'aikatar ruwa za ta iya amfani da ita, mai sayar da ruwan leda ma haka. Hanyar gane irin wannan take mai sauƙi ce: a cire sunan ƙungiyar a sa na wata. Idan bai canza komai ba, to taken ba na wannan aikin ba ne.

Wani zai kawo mai zafi: "Ku ceci masu shan ruwa tare da dabbobi," a haɗa da hoton yaro tsugune a bakin kududdufi kusa da jaki. Irin wannan yana iya kawo kuɗi da sauri, amma yana da tsada ta wata fuskar. Mutanen da ake magana a kansu iyaye ne da kakanni da surukai, suna da waya, kuma kwalin zai iso gare su. Babu dattijon da zai so a yi yawo da sunan garinsa a matsayin wurin da mutum da dabba ba su da bambanci. Banda haka, su ne za su riƙe famfon bayan an tashi daga bikin buɗewa, su ne za su riƙa karo-karon gyara. Wanda aka nuna wa duniya a matsayin abin tausayi kawai, da wuya ya ɗauki famfon a matsayin nasa. Zai kira shi famfon 'yan birni, ya jira su zo su gyara. Ma'aunin a nan shi ne: za a iya karanta taken da ƙarfi a ƙofar gidan dagaci, a gaban mutanen da abin ya shafa, ba tare da an sunkuyar da kai ba?

Sai masu son zuzutawa su ce, "Dubu ɗaya, ruwa har abada." Ƙarya biyu ce a cikin kalma biyar. Dubu ɗaya sau ɗaya ba ta isa ba, sai an yi ta sau goma sha biyu. Babu kuma famfon da ke aiki har abada. Wanda ya ba da dubu ɗaya ya tafi da wannan alkawari a ransa, duk ranar da ya je gida ya tarar da famfon a bushe, zai ce an cinye kuɗinsa, ko da kuwa ba a taɓa ko kwabo ba.

Akwai wanda ya fi waɗannan dabara, kuma shi ya fi wuyar ƙi: "Dubu a wata, ruwa a gida." Yana da kari, yana da daɗin faɗa, baki ba ya harɗewa a kansa. Amma famfon tuƙa-tuƙa ba ya kai ruwa cikin gida. Mata da yara za su ci gaba da ɗaukar jarka, tafiyar ce kawai za ta ragu. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke amfani da shi ma ya bambanta ruwan da ke cikin gida da wanda ake zuwa a ɗebo a dawo cikin minti 30, har da jiran layi. Ƙungiyar mataki na biyun take iya samarwa, don haka kada ta yi alkawarin na farko. Kalmomi masu daɗin kari sun fi kowanne bukatar a sa musu ido, domin daɗinsu kan sa a yafe musu abin da bai kamata ba.

Bayan an zubar da waɗannan, abin da ya rage shi ne: "Dubu a wata, ruwan mutum guda." Kalma shida ne. Akwai adadi, akwai lokaci, akwai ruwa, akwai mai amfana. Babu "ka" babu "ki", don haka bai ware mace ko namiji ba. Mai hali zai iya cewa ya ɗauki mutum goma, gida ɗaya su haɗu su ɗauki mutum biyu. A ƙarƙashinsa sai a sa layi na biyu da ƙananan baƙaƙe, wanda zai ɗauki sauran nauyin: famfo biyu da asusun gyaransu a ƙauyenmu, wata goma sha biyu, daga wata kaza zuwa wata kaza. Take shi ke jawo ido da kunne, layin ƙasa kuma shi ke faɗin iyakar alkawarin.

Shi ma wannan yana da nasa rauni, kuma gara a san shi tun farko. Yana bukatar hannu 600 da za su jure har wata goma sha biyu, alhali an san wasu za su yanke a hanya. Farashin siminti da bututu da man dizal kuma ba ya jiran kowa. Maganin na farko shi ne a nemi masu alkawari fiye da 600, a kuma buɗe ƙofa ga mai son biyan 12,000 a dunƙule. Maganin na biyu shi ne a daidaita ƙarshen gangamin da lokacin haƙa. An fi son a haƙa a ƙarshen rani, wajen Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi ƙasa iyakar yinsa, domin rijiyar da ta ba da ruwa a lokacin za ta bayar duk shekara. Hanya ma a lokacin tana biyuwa ga motar haƙa.

Kalmomi uku masu nauyi

Akwai kalmomin da ake saurin jefawa cikin take ba tare da an auna abin da suke jawowa ba. Ta farko ita ce "mai tsabta". Ruwa yana iya fitowa garai-garai amma yana ɗauke da cuta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, kuma wannan sai a ɗakin gwaji ake gane shi. Shi ya sa ake nesanta rijiya da masai da aƙalla mita 30, ake kuma toshe saman ramin da siminti don kada ruwan sama mai datti ya zurara ciki. Akwai kuma abin da ƙasa kanta ke zubawa a ruwa. A Tibiri ta jihar Maradi, ruwan burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid ya ɓata haƙoran yara masu yawa, ya lanƙwasa ƙasusuwan wasu, kafin a gane daga inda cutar take. Iyakar da aka amince da ita miligiram 1.5 ne a lita ɗaya. Duk ƙungiyar da ta rubuta "mai tsabta" a kwalinta, to ta tabbata kuɗin gwaji yana cikin kasafinta, kuma ta nuna wa jama'a takardar sakamakon.

Ta biyu ita ce "kowace naira za ta shiga rijiya". Ƙungiyar charity: water, wadda Scott Harrison ya kafa a New York a 2006, ta yi suna da irin wannan alkawari na kashi 100 cikin 100. Abin da ya sa ta iya riƙe shi shi ne ta raba asusu biyu. Wasu masu hali daban suke biyan albashi da hayar ofis da sauran ɗawainiya, gudummawar jama'a kuma tana tafiya aikin ruwa, har ɗan abin da kamfanonin katin banki ke cirewa ƙungiyar tana mayarwa. A misalinmu, ƙungiyar tana da zaɓi biyu. Ko dai wani ya ɗauki nauyin naira 300,000 na ɗawainiyar gangami daga aljihunsa, a ajiye shi a asusu daban, sannan a yi wannan alkawari, ko kuma a bar shi gaba ɗaya, a faɗa wa mutane cewa naira 500 cikin kowace 12,000 ta ɗawainiya ce. Mutane ba sa ƙin jin haka. Abin da ba sa yafewa shi ne su gano shi da kansu daga baya.

Ta uku ta shafi addini. Shayar da ruwa yana da babban matsayi a zukatan Musulmi. An san Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, an kuma san Sa'ad ɗan Ubada ya yi sadakar ruwa da sunan mahaifiyarsa bayan rasuwarta. Saboda haka kiran aikin da sunan sadaka mai gudana ya dace, kuma mutane da yawa za su so su ɗauki "mutum guda" da sunan iyayensu da suka riga mu. Amma wannan suna yana ƙara nauyin asusun gyara ne, domin mai bayarwa yana fatan ladan da zai ci gaba muddin ana shan ruwan. Zakka kuwa daban take. Mafi yawan malaman fiƙihu suna ganin ana miƙa ta ne ga waɗanda aka ayyana, ba a zuba ta a ayyukan amfanin kowa da kowa. Kada a rubuta "kawo zakkarka" a kwali sai an zauna da malamai. Idan kuma ƙauyen ko masu bayarwar sun haɗa Musulmi da Kirista, gara babban taken ya zama wanda kowa zai iya faɗa, a bar lafazin addini ga huɗuba da wa'azi, inda kowane ɓangare zai yi wa nasa bayani.

Gwaji, sannan biya

Kafin a kai wa mai buga kwali, a fitar da taken daga ɗakin taro. A faɗa wa mutum goma da ba su san da aikin ba, sau ɗaya kawai, da baki, domin yawancin waɗanda za su ji shi ta rediyo ko saƙon murya ko bakin mai shela za su ji shi. A haɗa da mata da tsofaffi da waɗanda ba su yi boko ba. Sai a yi musu tambaya uku: nawa ake so ku bayar, me za a yi da shi, wa zai amfana? Washegari a sake neman su a ce su maimaita. Idan mafi yawansu sun kawo shi daidai, ya zauna. Idan wani ya ce ya ɗauka kuɗin sayen ruwan 'yan ga-ruwa ake tarawa duk wata, to an gano inda layin ƙasa yake bukatar gyara tun ba a kashe kuɗin bugu ba. Daga nan a kai shi ƙauyen, a karanta wa dagaci da liman da shugabar mata da waɗanda za su zauna a kwamitin kula da famfo. Idan da kalmar da ta sosa musu rai, a cire ta, ko da ita ce ta fi kawo kuɗi.

Bayan an ƙaddamar, a riƙa ba da rahoto da ma'aunin da taken ya yi amfani da shi. Tunda an ce mutum guda, to a ƙarshen kowane wata a ce an samu masu ɗaukar mutum 410, saura 190. Wannan ya fi a ce an tara miliyan kaza, domin mai sauraro yana ganin gurbin da zai cike. Idan an haƙa, a nuna zurfin da aka kai, da yawan ruwan da rijiyar ke bayarwa, da takardar gwaji, da abin da ya rage a asusun gyara da sunayen masu sa hannu a kansa. A sanar da hukumar samar da ruwan karkara ta jiha ko ta yanki domin rijiyar ta shiga lissafinta. Bayan shekara ɗaya a sake komawa a faɗa wa masu bayarwa ko famfunan suna aiki, sau nawa suka tsaya, kwana nawa aka ɗauka kafin a gyara.

Idan kuma kuɗi bai cika ba, ko rami ɗaya ya fito a bushe ya cinye ajiya, a fito a faɗa da wuri, da adadi, a ce ga abin da aka yi alkawari, ga abin da aka samu, ga abin da za a yi da shi. Ana iya haƙa ɗaya a bana a cika asusun gyaransa, a ɗage na biyu zuwa baɗi. Abin da bai kamata a yi ba shi ne a cinye kuɗin gyara don a cika famfo biyu saboda hoton ranar buɗewa. Ƙauyen da ke maƙwabtaka yana kallo, shi ma yana shan ruwan tafki, kuma mutanen da aka roƙa a bana su ne za a sake roƙa dominsa. Ko za su bayar ko ba za su bayar ba, ya dogara ne a kan yadda aka cika musu alkawarin kalma shidan da aka buga a kwalin farko.